Taƙaita rubutun Faransanci zuwa kashi ɗaya cikin uku: ka kifa takardar kafin ka fara rubutu

Kuskuren da ya fi cinye mini maki a wannan aiki shi ne ɗaukar taƙaitawa kamar aski: in bi rubutun da biro, in soke jimla biyu in bar ɗaya, in sauya wata kalma nan da can. Tsawon yakan yi daidai, amma abin da ya fito kwafi ne mai giɓi, kuma mai gyaran takarda yana gane shi tun daga layin farko. Abin da ake nema shi ne tunanin marubucin, a jere yadda ya jera shi, cikin naka kalmomin.

Ka fara da lissafi. Idan rubutun yana da kalmomi 450, naka zai zama 150. Galibi ana ba da rangwamen kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa, wato tsakanin 135 da 165. Ƙirgar ma tana da tarko: «l'homme» kalma biyu ce, haka «qu'il», amma «aujourd'hui» ɗaya ce. Sai ka raba kason bisa sakin layi tun kafin ka rubuta komai. Ni na sha ƙarar da kalmomi 100 a kan rabin farko, in zo ƙarshe in dunƙule matsayar marubucin cikin guntuwar jimla, alhali nan ne zuciyar maganar take.

Karatu na farko, kada ka riƙe biro. A na biyu, ka kewaye ƙananan kalmomin da ke haɗa tunani: «mais», «pourtant», «car», «donc», «en effet». Su ne ƙashin rubutun, su ke nuna maka inda marubuci ya juya, inda ya kawo dalili, inda ya yanke hukunci. Ga misali mai kalmomi 36:

«Certes, le téléphone portable permet aux élèves de trouver des informations, de joindre leurs parents et de photographier le tableau, mais il disperse leur attention au point qu'ils ne retiennent presque rien de la leçon.»

Mai gaggawa zai ga amfani uku an lissafa, ya rubuta cewa waya tana taimakon ɗalibai. Ya juya maganar ke nan, kuma wannan shi ne laifi mafi tsada. Kalmar «certes» sassauci ce kawai: marubucin ya ɗan yarda da abokin gardamarsa ne kafin ya kawo nasa ra'ayin, wanda ke zuwa bayan «mais». Saboda haka amfanin nan uku ba su cancanci fiye da kalma ɗaya ba, nauyin ya tafi ga ɓangare na biyu:

«Bien qu'utile, le portable déconcentre les élèves et compromet leur apprentissage.»

Kalmomi 12 cif. Dubi yadda aka yi: jerin abubuwa uku ya koma «utile», «disperse leur attention» ya koma fi'ili guda, sassaucin kuma bai ɓace ba, ya shige cikin «bien que». Na bar «portable» da «élèves» yadda suke da gangan. Kalmar da ita ce jigon zancen ba a sauya ta. In ka tilasta mata wata makwafi, sai ma'ana ta karkace. Abin da aka hana shi ne ɗauko ginin jimlar marubuci ko gungun kalmominsa a jere.

Hanyar kuɓuta daga kwafi ɗaya ce na sani. Bayan ka rubuta jigon kowane sakin layi a wata takarda daban cikin kalmomi kaɗan, ka kifa takardar, ka rubuta daga waɗannan 'yan bayanai. Muddin idonka yana kan jimlar asali, hannunka zai bi ta. Sai ka gama ka buɗe, ka gwada ko ka tsallake wani tunani.

Kada ka rubuta «l'auteur dit que». Kai ne ke tsaye a madadin marubucin: in ya ce «je», ka ce «je», in ya yi magana da lokacin yanzu, ka bi shi. Ra'ayinka ba shi da wuri a nan, ko da ka tabbata bai yi daidai ba. Misalan da ya kawo don ƙarin haske ka zubar da su, amma misalin da hujja ta ginu a kansa ka rage shi zuwa abin da yake tabbatarwa.

A ƙarshe ka ƙirga da gaskiya, ka ja 'yar sanda bayan kowace kalma 50, ka rubuta jimillar a ƙasa. Idan ka wuce iyaka, fara rage siffofi da maimaici, ka bar kalmomin haɗi a wurinsu.