Naira 45,000 da ta ƙi zama

Yau na yi intabiyun aikin akanta a wata ƙungiyar manoman shinkafa a yankin Kura. Suka miƙo mini takarda: littafin kuɗi ya nuna Naira 1,250,000, takardar banki kuma 1,412,000, wai in daidaita. Na ce a fara duba cekin da aka rubuta amma ba a kai banki ba. Akwai kuwa, na dillalin taki, 180,000. Na cire shi daga na banki, saura 1,232,000. Sai cajin banki na 18,000 da ba a shigar a littafi ba, na cire shi daga can, nan ma 1,232,000. Wannan bai ba ni wuya ba.

Sai wani dattijo ya cire tabarau ya ce, "To ɗana, a ce 45,000 ta ƙi zama, gobe masu bincike za su zo, shugaba ya ce ka tura ta kuɗin man janareta. Ya za ka yi?" Na ce, "Baba, ba rasit, ba zan rubuta ba. Zan sake bin lissafin, don sau da yawa gibin da 9 ke raba shi daidai juya lamba ne, kamar a rubuta 27,000 maimakon 72,000. In ban gano ba, in bayyana gibin a rahoto. In ya matsa, ya ba ni umarnin a rubuce, in kai wa kwamitin bincike." Ya ce, "In shi ya samo maka aikin fa?" Gabana ya faɗi, domin a ƙauye shugaban nan yana iya zama kawunka. Na ce amsata ba ta canja ba, amma har yanzu ina tunanin yadda zan faɗa wa kawuna haka ido da ido.