Ƙofar ruwan da ta lanƙwashe min a Dadin Kowa

Wallahi har yanzu in na tuna ƙofar nan raina sai ya ɓaci, don lissafin na iya shi tun muna makaranta, gaggawa ce kawai ta ja min.

Kawuna ne ke da kududdufin ban ruwa a wajen Dadin Kowa, ya ce in zana masa ƙofar ƙarfe wadda ake ja sama a saki ruwa. Faɗinta mita 1.2, tsayi 1.5, ruwa kuma yana cika har bakinta. Na buga F = ρghA don sanin ƙarfin turin ruwan, ρ nauyin ruwa ne a kowace mita kubik wato kilo 1000, g ƙarfin jan ƙasa 9.81, A faɗi sau tsayi wato 1.8, h ɗin zurfin tsakiyar ƙofa ne wato 0.75, sai 1000 × 9.81 × 0.75 × 1.8 ya ba ni niyuton 13,244, kusan nauyin kilo 1,350 ke nan. Nan ban yi kuskure ba. Inda na yi ɓarna shi ne da mai walda ya tambaye ni, injiniya ina zan sa ƙarfen tokare, na ce masa sa guda ɗaya a tsakiya, a 0.75 ɗin nan da na yi lissafi da shi.

Alhali ruwa ba a tsakiya yake turi ba. A sama matsinsa sifiri ne, yana ƙaruwa kana yin ƙasa, shi ya sa in ruwa ya tsaya daidai bakin ƙofa cibiyar matsin tana kashi 2 cikin 3 na zurfi, a tawa mita 1 daga sama, rabin mita kacal daga ƙasa.

Ba a yi sati biyu da cika shi ba ƙasan ƙofar ya yi ciki, ruwa na tsartuwa ta gindi, mu uku muka kama muka ja ta ƙi motsi don ta cije a ramin da take zamewa. Kawu ya tsuguna ya shafa wurin da hannu ya ce, ɗana, sama lafiya lau, ƙasan ne ya gaji. Da daddare na raba ƙofar biyu a takarda, rabin sama na ɗauke da niyuton 3,311, rabin ƙasa 9,933. Ninki uku! Ni kuma na bar wannan rabin ba tokare sai na tsakiyan can.

Dole muka zubar da ruwan a tsakiyar rani, tumatir na jira, abin da ya fi ƙona min rai ke nan, ba kuɗin sabon ƙarfe ba. A sabuwar na sa tokare biyu, ɗaya a 0.7 ɗaya a 1.3 daga sama, yadda kowanne zai ɗauki rabin nauyin. Mai walda ya ce sun yi ƙasa da yawa ba su yi kyan gani ba, na ce masa a bar su a nan, na tsaya a kansa da tef har ya gama ɗinkewa.