Cutar fabo a kwiyakwiyi: darasin da hanji ya koya mana

Abu na farko da aikin jinyar karnuka ke koya wa mutum game da fabo shi ne babu allurar da ke kashe ƙwayar. Bairos ce, tun 1978 aka santa a karnuka, kuma ta fi kama kwikwiyo ɗan mako 6 zuwa wata 6 wanda bai kammala riga-kafi ba. Aikin mai jinya shi ne ya riƙe ran kwikwiyon har hanjinsa ya sake yin fata.

Cikin ƙaramin hanji lulluɓe yake da 'yan tsiro kamar gashin tawul, su ne ke tsotse ruwa da abinci. A gindinsu akwai ƙananan ramuka inda ake haifar sababbin ƙwayoyin halitta, suna hawa sama suna maye gurbin waɗanda suka tsufa cikin 'yan kwanaki. Fabo ba ta iya hayayyafa sai a ƙwayar halittar da ke rabuwa da sauri, don haka waɗannan ramukan take faɗa wa. Tsofaffin suna zubewa, babu magaji, sai tsiron ya rushe, hanji ya zama ɗanyen rauni. Daga nan zawon jini mai ƙarni yake fitowa. Ɓargo ma wuri ne na saurin rabuwa, ita kuwa ba ta ƙyale shi ba, sai fararen ƙwayoyin jini su faɗi a daidai lokacin da bakteriyar hanji ke tsallakawa cikin jini. Bushewar jiki da wannan gubar jinin su ne ke kisa.

A ɗauki kwikwiyon gadi ɗan wata 3, mai kilo 4, a Birnin Kebbi cikin zafin Afrilu. Jiya ya ƙi abinci, yau amai, da yamma zawo. An ja fatar bayan wuyansa ta tsaya ba ta koma da sauri ba, dasashinsa ya bushe yana danƙo. Wannan ya rasa ruwa kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinsa, wato mililita 320. Buƙatarsa ta yini kuma wajen mililita 80 ce ga kowane kilo, wani 320 ke nan. Jimla 640, ba a ma lissafa abin da zai ci gaba da amarwa da zawarwa ba. To, leda ɗaya ta ƙarin ruwa mililita 500 ce. A nan ake yawan yin asara: a sa leda guda, kwikwiyo ya ɗan ɗaga kai, mai shi ya ce ya samu sauƙi, kwana biyu a wayi gari ya mutu. Ƙarin ruwan da ake kira Ringa ta jijiya ake so, a hannun likitan dabbobi, kullum a sake lissafi, tare da sukarin gulukos saboda na jininsa yana saurin faɗuwa. Idan ya yi laƙwas kafin a isa asibiti, a shafa masa zuma kaɗan a dasashi.

Ana haɗawa da allurar tsayar da amai, da maganin bakteriya irin su amfisilin. Jentamaisin kam a guje shi muddin jiki a bushe yake, domin yana lalata ƙoda. Magungunan ciwon jiki na mutane, diklofenak da ibufurofen, ƙara wa hanjin gyambo suke yi. Ɗura ruwan gishiri da sukari ga mai amai kuma yana iya shaƙe shi, ya shiga huhu. Sai amai ya lafa ake ba shi kaɗan-kaɗan da sirinji. Da ake cewa a hana shi abinci sai ya warke, an gano kuskure ne: hanji da abinci yake gyaruwa. Da zarar amai ya ragu a fara da cokali ɗaya na dafaffiyar shinkafa da naman kaza marar kitse, bayan kowace awa biyu zuwa uku. In dasashi ya yi fari, ƙafafu suka yi sanyi, ko amai ya dawo da ciwon ciki mai tsanani bayan sauƙi, wannan ba na gida ba ne.

Wurin killacewa ya zama ɗakin siminti, ba turɓayar tsakar gida ba, don ƙwayar tana yin watanni a ƙasa mai inuwa. Mutum ɗaya ya riƙa shiga, da silifas da kwano da safar hannu na wurin kaɗai, kuma sai ya gama da sauran karnuka tukuna. A kwashe kashi, a wanke da sabulu, sannan a zuba bilic, kofi 1 cikin kofi 30 na ruwa, a bar shi minti 10. In an zuba shi a kan kashi bai yin aiki, yawancin magungunan goge ɗaki masu ƙamshi kuma ba su kashe fabo. 'Yan'uwansa na ciki ɗaya a ɗauka sun riga sun kamu, a sa musu ido mako 2. Shi kansa bayan ya warke yana fitar da ƙwayar wajen kwana 10, don haka a ƙara masa mako 2 a killace, a yi masa wanka kafin ya fito. Kwikwiyon da za a kawo gidan daga baya sai wanda ya kammala riga-kafinsa: daga mako 6 zuwa 8, ana maimaitawa bayan kowane mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16.