Yadda na zaɓi injinan sanyaya ruwa na wani otal a Garwa

Wani otal a Garwa ya ba ni aikin sauya tsofaffin injinansa na sanyaya ruwa, wato injinan da suke tura ruwa mai sanyin digiri 7 zuwa ɗakuna domin a sanyaya iska. Littafin da ma'aikatan wurin suka daɗe suna cikewa ya nuna cewa buƙatar sanyi takan kai kilowat 850 da tsakar rana a watannin Maris da Afrilu, saboda haka muka tsayar da shawarar sayen injina biyu masu kilowat 500 kowanne, irin waɗanda iskar waje ke sanyaya kondensarsu, wato ɓangaren da ke fitar da zafi, domin ba mu so mu dogara da hasumiyar da ke sanyaya kondensa da ruwa a garin da ƙura ta yi yawa.

Takardun kamfanoni biyu suka iso teburina, kuma abin da idona ya fara nema shi ne adadin da ake rubutawa IPLV. Wannan adadi ya fito ne daga ƙa'idar AHRI 550/590 ta Amurka, kuma manufarsa ita ce a taƙaita ingancin injin a lokacin da ba ya ɗauke da cikakken nauyi. Ana auna COP, wato yawan sanyin da injin ke bayarwa a kan kowane kilowat na lantarki da ya ci, a nauyin kashi 100, 75, 50 da 25 cikin ɗari, a kira su A, B, C da D bi da bi, sannan a haɗa su kamar haka:

```
IPLV = 0.01A + 0.42B + 0.45C + 0.12D
```

Injin farko, mai kwamfaresa da ke sauya gudunta, ya zo da 2.8, 4.0, 5.6 da 6.2, waɗanda suka ba da 4.97. Na biyu ya zo da 3.2, 4.1, 4.9 da 4.8, wato 4.54. Na riga na fara rubuta wa mai otal cewa na farkon ya fi, sai na kai takardar wurin maigidana, wanda a hannunsa na koyi wannan sana'a. Ya duba ta, ya ɗago kai ya ce: “Yaro, a wane zafin iska aka auna wannan 5.6 ɗin? Yaushe rabonka da ganin irin wannan iskar a Garwa da rana?”

Amsar tana cikin ƙa'idar kanta, ni ne ban tsaya na karanta ba. Ba nauyi kaɗai ake ragewa a wurin gwaji ba, har da zafin iskar da ke shiga kondensa. A cikakken nauyi digiri 35 ne, a kashi 75 ya sauko zuwa 26.7, a kashi 50 zuwa 18.3, a kashi 25 kuma zuwa 12.8. Ke nan kashi 57 cikin ɗari na adadin gaba ɗaya ya rataya ne a kan iskar da ba ta wuce digiri 18.3 ba, domin an ciro ma'aunan daga yanayin biranen Amurka 29, inda raguwar buƙatar sanyi take zuwa tare da sanyin gari. Babban ɓangare na kyawun da ake gani a C da D daga wannan sanyin iska yake fitowa, tunda kwamfaresa ba ta wahalar matsa gas zuwa sama sosai idan kondensa ta samu iska mai sanyi. A nan gefen kogin Binuwai kuwa, sai da asubahin hunturu muke kusantar irin wannan iska, lokacin da yawancin baƙi sun kashe na'urar ɗakinsu sun ja bargo. Akwai kuma wani abu: lissafin ya ɗauka injin guda ne yake riƙe da ginin, alhali mu biyu za mu jera, kuma a irin wannan jeri da wuya injin da ke aiki ya sauko kashi 25.

Sai na koma ga littafin otal na kasa aikin shekara gida huɗu gwargwadon yawan sanyin da ake samarwa: kashi 20 a iskar digiri 42 da nauyin kashi 90, kashi 40 a digiri 35 da nauyin kashi 70, kashi 30 a digiri 28 da nauyin kashi 60, sauran kashi 10 kuma a digiri 22 da nauyin kashi 40. Na roƙi kamfanonin biyu su fitar mini da COP a waɗannan wurare daga manhajarsu ta zaɓen injin. Na farko ya ba da 2.3, 3.1, 4.0 da 5.2, na biyu kuma 2.7, 3.4, 4.0 da 4.5. Da na raba kowane kaso da COP ɗinsa na tara, sannan na raba 100 da jimillar, COP ɗin injin farko ya tsaya a 3.22 na shekara, na biyu a 3.46. A kan sanyin kilowat-awa miliyan biyu da rabi, bambancin ya kai kusan kilowat-awa 53,000 na lantarki a kowace shekara, kuma injin da ya sha kaye a takarda shi ne ya yi nasara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kondensarsa ta fi faɗi, saboda haka zafin bazara bai shaƙe shi kamar ɗaya ba. Shi muka saya.

Kuskuren da na yi da hannuna ya zo ne a wurin tsara tashin injin na biyu. Na saita shi ya tashi idan na farko ya kai kashi 90, ya tsaya idan kowannensu ya sauko ƙasa da kashi 45, ban lura cewa rabin 90 shi ne 45 ba. Da zarar na biyun ya tashi an raba nauyi, sai sharaɗin tsayawa ya cika, ya mutu, na farko ya sake haurawa, haka suka yini suna kai da komo. Ma'ajin ƙidayar tashi ne ya tona mini asiri a ƙarshen mako. Na mayar da iyakar tsayawa zuwa kashi 38, na kuma sa a jira minti 15 kafin tashi da minti 20 kafin tsayawa. Na ƙara sharaɗi guda saboda bazara: injin da aka rubuta wa kilowat 500 a digiri 35 ba ya ba da hakan a digiri 43, don haka idan ruwan fita ya wuce digiri 8 na tsawon minti goma, na biyun ya tashi ko me allon ya nuna.

Bayan hunturun farko sai wata matsala ta ɓulla, na riƙa samun injinan biyu suna aiki a kashi 30 kowanne. An tsara ruwa ya fita a digiri 7 ya dawo a 12, kuma lita 24 a daƙiƙa da tazarar digiri 5 su ne suke ba da kilowat 500. Da na auna, ruwan yana dawowa a digiri 10, wato wannan litar kilowat 300 kawai take ɗauka. Ginin yana neman ruwa fiye da abin da famfon injin guda zai tura, ruwan dawowa yana bi ta bututun haɗi yana ɗumama na fita, sai sharaɗin da na saka ya tayar da na biyu tare da famfonsa mai kilowat 15, alhali injin guda ya isa. Mun bi hawa hawa muka tarar da ƙurar hunturu ta toshe matatun iska da bututun sanyi na ɗakuna, sannan bawul shida sun maƙale a buɗe. Da aka wanke aka gyara, ruwan ya koma dawowa a digiri 11.5, kuma daga ƙarfe goma sha ɗaya na dare zuwa hantsi injin guda ne yake riƙe da otal ɗin a yawancin watanni.