Mako na bakwai a kan keke: ni da bayas ɗin wuya

'Yan'uwa masu koyo, wannan makon gaba ɗaya a kan wuyan riga guda ɗaya na ƙare shi, rigar atamfa ce ta ƙanwata, mai wuya zagaye marar hannu.

Ranar Asabar na yi kuskuren da nake jin da yawanmu mun yi. Don kada in ɓarnatar da atamfa, sai na yanko siririn ƙyalle a miƙe, na bi gefen zanen, na naɗe wuyan da shi. Da na gama, wuyan ya tashi tsaye kamar bakin tulu, ya ƙi kwanciya a ƙirji ko da na danna masa guga. Malamarmu a Mabera ta ɗaga rigar ta ce, "Ɗiyata, mi kinka yi ma wuyan ga?" Ta ɗauki guntun atamfa ta ce in ja shi ta tsawo. Ko motsi bai yi ba. Ta ce in ja ta kusurwa zuwa kusurwa, sai ga shi yana miƙewa. Dalili kuwa, zaren saƙa biyu ne, na tsaye da na kwance, kuma idan aka yanka a karkace tsakaninsu, zaren na samun damar zamewa, sai ƙyallen ya bi lanƙwasa. Siririn ƙyallen da aka yanka a karkace haka shi ne bayas.

Ga yadda na sake yankan. Na fitar da murabba'i mai inci 18 kowane gefe, na ninke kusurwa ɗaya zuwa kishiyarta, na goge ninkin. Wannan layin shi ne digiri 45, kuma tsawonsa ya ɗan haura inci 25. Daga shi na auna faɗin inci ɗaya da kwata, na ja da alli, na yanka. Ina son bayas ɗin da zai fito a fuska ya zama kwatan inci, kuma ƙa'idar ita ce a yanka ninki huɗu na abin da ake so ya fito. Ƙarin kwatan nan na sa shi ne saboda bayas na tsukewa idan an ja shi.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne tsawon. Kafin komai na bi wuyan rigar da ɗinki ɗaya kusa da baki don kada ya buɗe a hannuna, sannan na auna shi da tef a tsaye kan gefensa, na samu inci 24. A karo na biyu na sa bayas mai inci 24 cif, wuyan ya fito da 'yar igiyar ruwa kamar ganyen latas. Na farke. A karo na uku na rage shi zuwa inci 23, ban da rabin inci na haɗi. Na raba wuyan gida huɗu da fil, na raba bayas ɗin ma gida huɗu, na haɗa alama da alama. Wajen ɗinki kuwa bayas kaɗai ake ɗan ja, rigar a bar ta ta tafi da kanta ƙarƙashin ƙafar keke. Idan kin ga jikin rigar ya tattare a bakin ɗinki, kin ja fiye da kima. Idan bakin bayas ya yi sako-sako, jan bai isa ba. A ganina gara a yi gwaji da guntu tukuna, domin shadda da atamfa ba su ba da hannu iri ɗaya.

Wata dabara da ta taimake ni ita ce lanƙwasa bayas ɗin da guga tun kafin ya hau riga. Na yayyafa masa ruwa, da ma a zafin Sakkwato nan da nan ya bushe, na riƙa jan gefe ɗaya ina bi da dutsen guga har ya yi gantsarwa kamar jinjirin wata. Bayan ɗinkin farko na ninke shi zuwa ciki, na kalmashe bakinsa ya rufe layin ɗinki da ɗan ƙari, na tattaɓa da allurar hannu, sannan na bi da keke daga fuska a cikin kwarin ɗinkin.

Hammata ta buƙaci haɗi, tunda ragowar bayas ɗin gajeru ne. Na ɗora biyu fuska da fuska a gicciye, na ɗinke a karkace, na buɗe ɗinkin da guga, don kaurin ya bazu. Haɗin na kauce da shi kaɗan daga ɗinkin gefen riga, saboda kauri biyu wuri ɗaya yana cin fata. Hammatar dama ta kwanta lafiya lau. Ta hagu ta ɗan murɗe a can ƙasa inda lanƙwasar ta fi tsanani, kuma na gano ban tattaɓa wurin ba kafin in bi da keke. Gobe in Allah Ya kai mu ita zan fara farkewa.