Abin da aikin tsara silaid ya koya mini game da muryar kamfani

Darasin da ya fi tsada a wannan aiki shi ne canza launi ba ya canza murya. Oga mai gaggawa zai ce a ɗauko silaid ɗin PowerPoint da aka yi wa banki, a mai da shuɗin ruwan hoda, a miƙa wa kamfanin kayan sawa. In kwastoma ya ƙi karɓa, mai zanen ake ɗora wa laifi, alhali tun daga umarnin aka kuskure hanya.

A ce saƙon ɗaya ne: kuɗin shiga ya ƙaru da kashi 12 cikin ɗari. A wajen banki, kanun ya zama cikakkiyar jimla mai faɗin adadin da watannin da ake nufi. Jadawali ɗaya ya isa, in na sanduna ne ya fara daga sifili, domin wanda aka yanke gindinsa yana kumbura ƙaramin ƙari, kuma masu binciken kuɗi nan idonsu ke fara sauka. A ƙasa a rubuta inda alƙaluman suka fito da kwanan wata. Launi biyu masu nutsuwa, na uku don adadin da ake son a gani kawai. Haruffa irin Georgia ko Arial, kada su gaza girman 18. Motsi kuwa, in ya zama dole, Fade ya wadatar. Mutanen nan dukiyar wasu ke hannunsu, duk ado da ya yi yawa sai ya yi kama da ɓoye wani abu.

A kamfanin kayan sawa, hoton rigar da ta jawo cinikin shi zai cika silaid baki da baki, aƙalla fiksel 1920 da 1080 don kada ya dushe a babban allo. Sai "12%" da ƙaton rubutu da kalma huɗu ko biyar a irin harshen da kamfanin ke talla da shi. Launin a tsamo shi daga jikin yadin da Eyedropper, abin ɗaukar launi daga hoto. Inda ake yawan faɗuwa shi ne farin rubutu a kan hoto mai haske. A shimfiɗa duhu kaɗan a bayansa har na kujerar ƙarshe ya iya karantawa.

Amma ba kowane gidan kwalliya ke wasa ba. Masu kayan alfarma sun fi son fili fayau da siraran haruffa irin Didot, raha tana rage musu daraja. Shi ma mai rahar, ranar da zai tsaya gaban masu zuba jari, shafin alƙalumansa ya natsu kamar na banki.

A nemi kundin ƙa'idojin tambarin kamfani kafin a fara. A saita komai a Slide Master, shafin da sauran silaid ke bin tsarinsa. A kunna Embed fonts in the file, in ba haka ba kwamfutar ɗakin taro da ba ta da haruffan za ta sauya su, layuka su tsallake gurbinsu.