Daga kwalbar fomalin zuwa gilashin likita

Ƙaramin ɗakin gwaji nake da shi, aikinmu kuwa shi ne shirya naman da aka yanko daga jikin majiyyaci har ya zama gilashin da likita zai duba, ya faɗi ko daji ne ko ba daji ba.

Yawancin aikin da ke lalacewa, tun kafin ya iso hannunmu ya lalace. Ga misali, ƙarin nono mai girman lemo, an cusa shi cikin kwalbar da ba ta kai shi ba, ruwan ko rufe shi bai yi ba. Fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, mai kashi 10 cikin ɗari ake so, ya ninka naman aƙalla sau goma, don a hankali yake ratsawa, kamar milimita ɗaya a awa. Bayan ƙarin zai yi tauri, cikinsa kuwa yana ruɓewa, ga kuma zafin ƙasarmu. Da ka tsaga ka ga tsakiya ja, da laushi, ka san maganin bai kai can ba. Shi ya sa nake roƙon ma'aikatan tiyata su nemi babban mazubi, su rubuta lokacin da suka tsoma naman. Na nono yana buƙatar awa 6 zuwa 72 a fomalin.

Daga nan sai mu yanka gutsuren da bai wuce milimita 3 ko 4 ba, mu sa a kaset, wato ɗan akwatin roba mai huji-huji. Sai kaki ya ratsa naman kafin ya yanku siriri, amma kaki ba ya shiri da ruwa, dole a janye ruwan da sifirit, daga kashi 70 har zuwa 100, sannan sinadarin zailin ya kori sifirit ɗin, narkakken kakin farafin ya shiga a wajen digiri 60. Nono kitse ne da shi, ba a yi masa gaggawa. In an yi, a kan injin yanka asiri zai tonu: kaki ya fito sumul, inda naman yake sai rami. Ka shinshina bulon kakin da naman ke ciki ka ji warin zailin, to sai an mayar da shi baya.

Bulo mai kyau, in ya huce a kan ƙanƙara, kaurin maikiron 4 muke yankawa, maikiron dubu ne milimita ɗaya. Yankan na fitowa a jere, mu shimfiɗa a ruwan ɗumi na digiri 40 zuwa 45, mu kwashe da gilashi. Layi a jikinsa, wuƙa ce ta yi giɓi.

Rini ba shi da wuya. A cire kakin, hematoksilin ya ba ƙwayar tsakiyar tantani shuɗi, iyosin ya ba sauran ruwan hoda. Na naman da ya ruɓe kuwa dishi-dishi yake fitowa, kome sabuntar rinin. Irin wannan ba na ɓoye wa likita, a takardar da ke raka gilashin nake rubuta halin da kwalbar ta iso.